Yadda shekara ɗaya ke tona ƙari a taƙaitawar littafin Abdullahin Gwandu

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya kammala Tazyinul Waraƙat a 1813. Riƙe wannan shekarar kaɗai kan isa a kama mai ƙari.

A ce ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo ya samu taƙaitawar littafin a wayarsa, tana cewa marubucin ya kawo yaƙin Tabkin Kwatto, da na Alwasa, da rasuwar Shehu Usmanu. Biyun farko suna ciki, domin an gwabza su a 1804 da 1805. Shehu kuwa ya rasu ne a 1817, shekara huɗu bayan kammala littafin. Rasuwar gaskiya ce, amma ba daga wannan littafi aka ɗauko ta ba. Irin wannan ƙari ya fi wuyar kamawa, tunda mai karatu ya riga ya san labarin, sai ya wuce bai tsaya ba.

Wata alamar ita ce kalmomi irin su "saboda" da "shi ya sa". Littafi kan jero abubuwa biyu, mai taƙaitawa ya ƙulla su da dalilin da ya fito daga kansa.

Tantancewar ba ta da gajeriyar hanya. Ɗalibin zai ware kowane suna, shekara da adadi, ya neme su ɗaya bayan ɗaya a bugun Mervyn Hiskett na Ibadan, 1963, mai ɗauke da Larabcin da fassarar Turanci. Duk jimlar da ya kasa nuna shafinta, kada ya jingina ta ga Malam Abdullahi.