Lissafin Kuɗin Mako Ga Mai Aikin Lebura Da Ke Zubin Adashi

Da yawa daga cikinmu ba mu jiran albashin ƙarshen wata. Ranar da muka fita aiki a biya mu, ranar da ba mu fita ba, babu. Amma adashi bai san da wannan ba. In an yi alkawarin zubi kowace Asabar, ko mun yi aikin kwana shida ko na kwana uku, uwar adashi kuɗin da aka yanka take jira. A nan ne lissafin yawancinmu yake karkacewa.

Bari mu ɗauki misalin wani ɗan'uwa lebura a wurin gini, wanda ake biyansa naira 5,000 a yini. Yana aiki daga Litinin zuwa Asabar, ran Lahadi yana hutu. Kafin mu ninka komai, sai mu fara cire abin da aikin kansa yake ci. A ce kuɗin mota da abincin rana suna cin naira 1,000. Ashe abin da yake shiga aljihunsa a yini naira 4,000 ne. Yana kuma zubin naira 6,000 a mako.

In mako ya cika, kwana shida sau 4,000 ya ba da 24,000. A cire zubi, saura 18,000. To, a ce ran Talata ruwan sama ya hana zuba kankare, ran Alhamis kuma siminti bai iso ba, aka ce kowa ya koma gida. Kwana huɗu ke nan, wato 16,000. A cire 6,000, saura 10,000. Mu lura da kyau: kashi ɗaya cikin uku na kwanakin aiki ne ya tafi, amma abin da ya kai gida ya ragu da kusan rabi. Dalili kuwa, zubin bai ragu ko da kwabo ba, duk asarar ta faɗa kan kuɗin cefane. Ga shi kuma gida kwana bakwai yake cin abinci, har da ranakun da ba a yi aiki ba. In an raba 10,000 gida bakwai, kowace rana ba ta kai naira 1,500 ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne raba zubin a ka. Mutum ya ce, "Ai 6,000 a kwana shida, dubu ɗaya-ɗaya ne," sai ya riƙa ganin yana da 3,000 na kashewa kowace rana. Wannan daidai ne in mako ya cika. A makon kwana huɗu kuwa zai kashe 12,000, ya ajiye 4,000 kawai, Asabar ta zo masa da giɓin 2,000. Alamar mai wannan lissafi ita ce, kusan duk ranar zubi sai ya nemi rance don ya cika hannunsa. Tsarin da ya fi shi ne a fara tara kuɗin dukan kwanakin da aka yi aiki, sa'an nan a cire zubin gaba ɗaya, sau ɗaya. In an tashi da rabin yini, a rubuta abin da aka biya a hannu, a tuna kuma kuɗin mota bai zama rabi ba.

Akwai tambayar da ta fi amfani kafin a shiga adashi: kwana nawa ne tilas in yi aiki a mako kafin in riƙe gida, in kuma yi zubi? A ce gidan ɗan'uwan nan ba ya iya wuni da ƙasa da naira 1,500, wato 10,500 a mako. Haɗe da zubi, 16,500. Kwana huɗu suna ba shi 16,000, ba su kai ba. Sai ya yi kwana biyar. Yanzu ya duba makonni huɗu da suka wuce, a ce ya yi kwana 6, da 4, da 5, da 3. Biyu daga cikinsu sun gaza, kuma a lokacin damina wannan ba baƙon abu ba ne. A ganinmu hannun 6,000 ya yi masa nauyi. In ya haɗa hannu ɗaya da wani, kowa ya zuba 3,000, bukatarsa ta dawo 13,500, kwana huɗu sun isa har da rarar 2,500. Makon kwana uku ne kaɗai zai gaza da 1,500, kuma rarar makon da ya cika za ta iya rufe shi, muddin an ajiye ta.

Gaskiya ne kuɗin zubi ba asara ba ne. In mutum goma ne, ranar kwasa mai cikakken hannu zai ɗauki 60,000. Amma kada a sa wannan cikin lissafin mako, domin ba a cefane da shi sai ranarsa ta zo. Wanda kuma ya kwasa da wuri, zubin da ya rage masa bashi ne na waɗanda suke jiran nasu layin. In ya fasa a mako na bakwai saboda ruwa ya hana aiki, wanda zai kwasa a makon nan zai karɓi 54,000 a maimakon 60,000.