Ɗora Kitso a Hoto: Sirrin Yana Cikin Tsaga

Mace ta kawo hotonta wurin mai gyaran hoto, gashinta a tsefe, ta ce tana so a yi mata shuku. Yanko kitso daga wani hoto a ɗora mata a Photoshop aikin minti kaɗan ne, amma sau da yawa sai ya fito kamar hula aka kifa mata. Abin da ke jawo haka shi ne rashin lura da tsaga da kuma yawan gashi.

Kafin a ɗora komai, sai an fara rage tsohon gashin. Tsefaffen gashi yana tashi sama da kai, shi kuwa kitso kwanciya yake yi a jikin fata. Don haka mai gyara zai fara gano inda ƙoƙon kai ya tsaya, ya share abin da ya wuce nan, ya cike gurbin da bangon hoton. Idan ya tsallake wannan, kan zai fito da girman da ya fi ƙarfin fuskar.

Daga nan sai tsaga. Kai ba shimfiɗaɗɗe ba ne, saboda haka babu tsagar da ke tafiya a miƙe. A shuku, layuka suna tasowa daga goshi da gefen kunne da ƙeya, suna lanƙwasa har su haɗu a tsakiyar kai. Na gaban goshi sun fi buɗewa, waɗanda suka karkata gefe kuwa suna matsewa har kitso ya rufe su. Da `Warp` ake lanƙwasa kitson da aka yanko ya bi wannan siffa.

Launin tsagar ma abin kula ne. Fatar kai takan ɗan fi goshi haske domin rana ba ta dukanta sosai. A ɗauki launi daga goshin mai hoton, a ƙara masa haske kaɗan, sannan a sa siririyar inuwa a gindin kowane kitso a kan sabon shafi da aka saita a `Multiply`. Idan haske ya bugi fuskar daga dama, dole inuwar ta faɗa hagu.

Kaurin kitso kuma daga tsaga yake fitowa, domin makitsiya gashin da ke tsakanin tsaga biyu kawai take kamawa. Tsaga kusa da kusa tana ba da siririn kitso, mai tazara kuma mai kauri. A bakin goshi yakan fara siriri, ya riƙa kauri yayin da yake tattara gashi, jelar ta sake sirancewa. Kitso mai kauri tun daga goshi alama ce ta liƙi.

A ƙarshe a zana 'yan ƙananan gashi a goshi da saje da siririn buroshi, sannan a ƙanƙance hoton a duba. Idan ido ya fara sauka a layin da kitso ya haɗu da fata, da sauran aiki.