In an yanke inda ya yi fumfuna, sauran burodin zai ciwu?

Da damina ta yi nisa, burodi ba ya daɗewa a gida. A sayo babba don karin kumallo, a ci rabi, a ɗaure bakin leda a ajiye. Bayan kwana uku ko huɗu sai a ga ɗigo kore a gefe guda, ko wani farin gashi mai kama da auduga a kusurwa. Abin da yawancin gidaje ke yi sananne ne: a ɗauki wuƙa a zabge wurin, a ba yara sauran su haɗa da shayi. Ba ganganci ke sa haka ba. Burodi ya yi tsada, kuma mun taso da ƙin zubar da abinci. Amma amsar masana lafiyar abinci a kan wannan ba ta da kwana-kwana: burodin da ya yi fumfuna, ko da ɗigo ɗaya ne, zubar da shi ake yi gaba ɗaya. Dalilin yana cikin yadda fumfuna ke girma da kuma yadda cikin burodi yake.

Fumfuna halitta ce mai rai, kuma tana yaɗuwa ta wasu ƙwayoyin iri ƙanana da ido ba ya gani, masu yawo a iska da ƙura. Zafin gashi yana kashe su, saboda haka burodi kan fito daga murhu ba ya ɗauke da su. Bayan nan ne suke sauka a kansa: lokacin da yake hucewa a kan tebur, lokacin da ake yanka shi, lokacin da ake zura shi a leda, da duk sanda hannu ya shiga ledar a gida. In ƙwayar ta sami laima da ɗumi sai ta tsiro, ta fitar da zare siriri da ya fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba. Zaren yana kutsawa ciki yana rassa, yana narkar da abincin yana tsotsa. A wannan lokacin babu launi, babu abin da za ka gani. Sai ta yi ƙarfi sannan take fito da kai waje ta yi sabon iri, kuma wannan irin shi ne kore ko baƙi ko shuɗin da ke jan ido. Wato ranar da ka ga ɗigon, an kwana biyu ana aiki a ciki. Duk wanda ya taɓa ganin ɓarnar gara a azara ya san yanayin: ɗan jan ƙasar da ke waje ba shi ne iyakar inda ta ci ba.

Yanzu tsaga burodi ka duba cikinsa da kyau. Ramuka ne zalla, manya da ƙanana, waɗanda iskar yis ta bari lokacin da kwaɓi ke tashi, kuma da yawansu a haɗe suke da juna. Ga laushi, ga damshi. Zaren fumfuna ba ya gamuwa da wani shinge a nan, yana bin ramukan ya yi nisa da inda ɗigon yake. Babu yadda za a yi da ido a ce ga inda ya tsaya. Ita kanta wuƙar da aka sa, in ta ratsa wurin sai ta kwashi iri ta shafa a inda ake ganin lafiyarsa ƙalau.

Wannan ne ya raba burodi da wasu abinci. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, a jagorar da ta fitar kan abinci mai fumfuna, ta yarda a yanke a ci in abin mai tauri ne kuma ba shi da ruwa da yawa, kamar karas da kabeji da cukun Turawa mai tauri. Sharaɗin shi ne a yanke aƙalla inci 1, wato kusan santimita 2 da rabi, kewaye da wurin da ƙarƙashinsa, kuma kada wuƙa ta taɓa fumfunar. Tsokar karas a tsuke take, zare ba ya samun hanya. Amma jagorar ta sa burodi a jerin abubuwan zubarwa, tare da dafaffen abinci da ya kwana, da tumatir, da man gyaɗa na shafawa da sauran abubuwa masu laushi. Ƙa'idar yanke-ka-ci gaskiya ce, sai dai ba ta burodi ba ce.

To mene ne abin tsoron? Wasu nau'o'in fumfuna suna yin dafi yayin da suke girma, kuma dafin na iya tsiyaya cikin abincin ya wuce inda zaren ya kai. Ba kowace fumfuna ke yin sa ba. Matsalar ita ce launi ba ya faɗin wacce ce. Baƙar nan mai dogon gashi da kan rufe burodi cikin kwana kaɗan yawanci Rizofus ce. Kore da shuɗi sukan zama dangin Fenisiliyam, amma dangin Asfajilus ma suna yin kore, suna yin rawaya, suna yin baƙi. A cikin waɗannan dangi biyu akwai masu yin dafin da ke taɓa ƙoda, kuma a cikin Asfajilus ne ake samun mai yin aflatoksin, dafin da ke lalata hanta, wanda kuma an tabbatar yana jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A 1960 ne aka fara gano hatsarinsa, bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila saboda abincin gyaɗa da aka shigo da shi daga Brazil. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin masarar da ta yi fumfuna a ajiya.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya daidai gwargwado. Waɗancan mace-macen daga gyaɗa da masara suka fito, ba daga burodi ba, kuma aflatoksin ya fi zama matsalar hatsi da gyaɗar da aka adana da danshi. Lafiyayyen babban mutum da ya gatsa burodi sannan ya lura da fumfuna, mafi yawan lokuta babu abin da zai same shi, ko kuwa ya tsaya a tashin zuciya da ɗan murɗar ciki. Ya tofar, ya kurkure baki, ya ajiye sauran. In amai ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi wuya, ko fuska ta kumbura, sai a tafi asibiti. Abin da ya fi damuna shi ne a mayar da yankewar al'ada. Irin wannan dafi yawanci ba faɗuwa nan take yake sa mutum ba, a hankali yake yi wa jiki illa, kuma mu da tuwon masara da ƙuli-ƙuli ke cikin abincinmu na kullum ba mu buƙatar ƙarin wata ƙofa. Sannan wa ake ba ragowar burodin? Yara, waɗanda jikinsu ƙarami ne, da tsofaffi masu son abu mai laushi.

Akwai masu cewa ai daga fumfuna aka samo maganin fenisilin, don haka cin ta ma magani ne. Gaskiya ne Alexander Fleming ya gano shi a 1928 daga wata fumfuna ta dangin Fenisiliyam. Amma nau'o'in wannan dangi sun kai ɗaruruwa, kuma maganin da ke kantin magani tace shi aka yi aka auna. Abin da ya tsiro a ledarka ba ka san ko wane ne ba.

Dabara ta biyu da ake yi ita ce wuta: a gasa yankan a kasko, ko a soya shi da ƙwai, a ce zafi ya kashe komai. Zafi yana kashe fumfunar kanta, amma dafin da ta riga ta zuba ba abu ne mai rai ba balle ya mutu. Aflatoksin ba ya rushewa sosai sai zafi ya haura digiri 200 da ɗoriya, alhali tsakiyar yankan burodi mai damshi da wuya ya wuce zafin tafasar ruwa, digiri 100. Kafin cikin ya kai wancan zafi, burodin ya zama gawayi. Tsoma shi a shayi mai zafi kuwa ko maganarsa ba a yi.

Bari mu bi burodi ɗaya daga shago zuwa gida. An sayo shi ran Litinin da yamma cikin watan Agusta, yana da ɗumi, kuma in ka duba ledar za ka ga gumi a jikinta ta ciki. Wannan gumin alama ce cewa an ɗaure shi bai gama hucewa ba, kuma ruwan zai koma ya jiƙa ɓawonsa. An ci rabi, an ajiye sauran a kan firji, inda ɗumin inji ke tashi. Ran Laraba babu abin gani, sai dai wani ɗan wari irin na ɗakin da ya daɗe a rufe. Ran Alhamis ɗigo biyu sun fito a yankan ƙarshe. Sai maigida ya ce, "Hajiya, cire biyun nan kawai, na tsakiyan ai lafiyarsu ƙalau." Amma yankan duka a leda ɗaya suka kwana, cikin iska ɗaya mai damshi, kuma tun da ɗigon ya yi launi ya fara watsa iri a kan sauran. Hukuncin na ledar ne duka. A ɗaure bakinta yadda take, a kai bola inda yara ba za su tona ba, a goge wurin da ta zauna.

Kada a kai hanci a shinshina don tabbatarwa. Irin yana shiga huhu, yana tayar da asma, kuma ga mai ciwon suga da bai daidaita ba, ko mai raunin garkuwar jiki, wasu nau'o'in Rizofus da Asfajilus suna iya kafa cuta mai tsanani a hanci ko huhu. Zuba wa kaji ma ba mafita ba ce, don tsuntsaye suna cikin dabbobin da fumfuna da dafinta suka fi yi wa illa da sauri.

Wani lokacin farin da ke jikin burodi garin fulawa ne kawai da aka barbaɗa. Shi gari tun ranar saye yake nan, busasshe ne, yana kaɗewa. Fumfuna daga baya take zuwa, tana da gashi-gashi, kuma gobe za ta fi yau faɗi. Akwai kuma wata lalacewar daban da ba ta fumfuna ba: in ka tsaga burodi ka ga cikinsa ya yi danƙo yana jan zare, yana warin ɗan itacen da ya nuna ya wuce, aikin wata ƙwayar bakteriya ce da ke tsira daga zafin gashi. Shi ma ba a ci.

Hanyar rage asara tana gaban fitowar ɗigon. Da damina a sayi ƙarami, wanda za a cinye cikin kwana biyu, a guji mai gumi a leda. In an sayo da ɗuminsa, a buɗe bakin ledar ya huce kafin a ɗaure, a yanka da busasshiyar wuƙa, a ajiye inda babu zafi. Firji yana rage saurin fumfuna amma yana sa burodi tauri da wuri. Firiza ta fi, in ana samun wuta tsayayya: a yanka, a raba kashi-kashi, a riƙa ciro na rana ɗaya. Inda wuta ba ta zama, burodin da ya narke ya sake daskarewa yana tara ruwa a leda, don haka gara a yanka ragowar tun yana lafiya a gasa shi a kasko da wuta kaɗan har ya bushe ƙarau, a bar shi ya huce, a zuba a gwangwani mai murfi. Fumfuna ba ta iya tsirowa inda babu ruwa, kuma busasshen burodi yana jiƙa lafiya a shayi ko kunu.