Babbar Caja Ba Ta Cika Batir a Awa Biyu

Akwai wani saƙo da ke yawo a wayoyin mutanenmu na Sandamu da Daura, musamman masu sola a gida da masu shagon cajin waya. Wanda ya rubuta shi bai tsaya ya tambayi ko mai gyaran batir ɗaya ba, amma ya yi magana kamar injiniya. Ya ce ajiye batir a kan siminti yana shanye masa wuta, alhali jikin batirin yau na roba ne, wuta ba ta ratsa shi. Ya ce sai an bar batir ya mutu murus kafin a sa shi caji, wanda hakan ne ma ke kashe batirin dalma da wuri. Ya ce zafi yana rage wa batir kwana, kuma wannan gaskiya ce. Amma maganar da ke jawo wa mutane asarar kuɗi ita ce ta ƙarshe: wai ka raba lambar Ah da ke jikin batir da lambar A da ke jikin caja, abin da ya fito shi ne awannin caji, don haka ka sayi babbar caja ka huta.

Rabawar tana da tushe, amma an bar abubuwa biyu a baya. Na farko, ba dukkan cikin batirin ake cikawa ba, sai abin da aka kwashe. Na biyu, ba duk wutar da caja ta tura ce ke zama a ciki ba. Wata tana tafiya a zafi da tafasar ruwa. Batirin dalma mai ruwa yakan riƙe kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari. Saboda haka lissafin shi ne: awanni = Ah da aka kwashe ÷ (A × 0.8). Ɗauki batir mai 12V, 200Ah, wanda aka sha rabinsa da dare. Abin da yake nema shi ne 100Ah. Caja mai 20A, idan aka cire asara, 16Ah take zubawa a kowace awa. Raba 100 da 16, ka sami awa 6 da minti 15. Idan kuma fanka da talabijin suna jan 5A a lokacin, saura 15A ke shiga, wato 12Ah a awa, cajin ya koma awa 8 da minti 20.

Wannan amsar ma mafi ƙarancin lokaci ce. Batirin dalma yana karɓar wuta da sauri har ya kai kusan kashi 80, lokacin da mita ke nuna wajen 14.4V. Daga nan caja mai kyau takan rage wutar da kanta, ragowar ya shiga a hankali, kamar yadda ake cika tulu idan ruwa ya kusa baki. Wannan matakin yakan ci wasu awanni, kuma girman caja ba ya gajarta shi sosai. Mai saƙon zai ce caja mai 60A ta gama da 100Ah cikin ƙasa da awa biyu. Abin da ke faruwa shi ne batirin ya kai 14.4V da wuri tun bai cika ba. Idan cajar mai rage wuta ce, an biya kuɗin ƙarfin da ba a mora ba. Idan kuma irin wadda ba ta ragewa ce, ruwan ya riƙa tafasa, farantan ciki su lalace, iskar haidirojin mai kama wuta ta taru a ɗaki. Shi ya sa ƙa'idar da aka saba bi ga batir mai ruwa ita ce kusan kashi ɗaya cikin goma na lambar Ah, wato 20A ga 200Ah.

Wani zai ce wutar KEDCO ba ta jira, rana ma tana faɗuwa, dole a yi sauri. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ita ta sa mutanen kirki suka yarda da saƙon. Amma maganinta shi ne rage abin da ake kwasa da dare, da kashe kayan wuta lokacin caji. Wani kuma zai ce ya ga batirin da ya cika a awa biyu. Idan na litiyam ne, yana yiwuwa, domin shi asararsa kaɗan ce kuma yana jure wuta mai yawa gwargwadon abin da kamfaninsa ya rubuta. Idan na dalma ne, saurin cika da saurin mutuwa alama ce ta cewa cikinsa ya ragu.

Hanyar ganewa tana hannun kowa. A cire caja da duk wani kaya, a bar batirin ya huta na wasu awanni, sannan a auna. Cikakke yana nuna 12.6V zuwa 12.7V; idan ya sauko wajen 12.2V, rabi ne. A taɓa jikinsa lokacin caji, musamman a bazara: idan ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a cire cajar nan take, a duba ruwansa, a ƙara tataccen ruwan batir kawai idan ya yi ƙasa.