Yadda Ake Warware Doguwar Jimla a Rubutun Masana

Doguwar jimla a rubutun bincike na Turanci, komai tsawonta, tana tsaye ne a kan ginshiƙi ɗaya: abin da ake magana a kansa, da babban aikatau da ke faɗin abin da ya yi. Sauran duk ƙarin bayani ne. Ɗalibin da ke bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya da ƙamus yakan manta farkon jimla kafin ya kai ƙarshenta, domin marubutan sukan cusa bayanai tsakanin waɗannan biyun.

Ga misali da aka ƙera da Hausa a kan irin wannan salo: "Raguwar kamuwa da zazzaɓin cizon sauro tsakanin ƙananan yara, wadda ta biyo bayan rabon gidan sauro, duk da bambancin ruwan sama tsakanin yankuna, tana iya nuna tasirin shirin." Idan aka rufe abin da ke tsakanin waƙafi na farko da na ƙarshe, sai a ga: raguwar tana iya nuna tasirin shirin. Wannan ce maganar.

Daga nan sai a mayar da sunayen da aka gina daga aikatau zuwa asalinsu. "Rabo" ya koma "an raba gidan sauro", "raguwa" ta koma "yara sun rage kamuwa". Nan take tambaya ke fitowa: wa ya raba, kuma yaushe? Salon masana yakan ɓoye mai aikin. Haka kuma "tana iya" ba ado ba ne. Marubucin bai ce gidan sauro ne ya jawo raguwar ba, cewa ya yi mai yiwuwa. Wanda ya zubar da wannan a taƙaitawarsa ya ɗora wa marubuci abin da bai faɗa ba.

Jerin sunaye ma yana rikita Bahaushe. Hausa tana fara da babban suna, kamar "yawan mace-macen jarirai". Turanci kuwa yana jera jarirai, mace-mace, sannan yawa, don haka irin wannan jeri daga ƙarshe ake kwance shi.

Keɓaɓɓun kalmomi mafi haɗari su ne waɗanda suka yi kama da sanannu. Kalmar da ƙamus ke fassarawa da "muhimmi" tana da wata ma'ana a ilimin ƙididdiga, inda galibi ake haɗa ta da p < 0.05. Nufinta shi ne, da a ce babu bambanci na haƙiƙa, da wuya a sami sakamako irin wannan bisa katari. Bambancin kansa yana iya zama ƙarami ƙwarai. Irin wannan kalma a inda marubuci ya fara amfani da ita ake neman ma'anarta, ko a ƙamus na fannin. Ƙamus na yau da kullum ba zai wadatar ba.