Gurbin Jami'a: Sai An Gani A CAPS Kafin A Biya Kuɗi

Duk gurbin karatun da bai bi ta tsarin CAPS ba, hukumar JAMB ba ta san da zamansa ba. Don haka ɗalibi zai shiga efacility.jamb.gov.ng, ya danna "Check Admission Status", sannan "Access My CAPS". Idan gurbin ya fito, sai ya danna "Accept", kuma ba a biyan ko sisi a nan.

Wajen biyan kuɗin karɓar gurbi ne ’yan damfara ke ɗana tarko. A jami'o'in tarayya, ɗalibi ne da kansa ke ciro lambar RRR ta Remita daga shafin makarantar, takardar kuma tana ɗauke da sunan jami'ar. Wanda ya turo asusun wani mutum ta WhatsApp, yana cewa gurbin zai kuɓuce yau, ɓarawo ne.