Karatun Hukuncin Kotu: Tambayoyin da Shari'ar Ukeje Ta Bari

A watan Afrilun 2014 jaridu suka baza labari cewa Kotun Ƙolin Nijeriya ta ba 'ya'ya mata na ƙabilar Ibo 'yancin cin gadon iyayensu maza. Labarin gaskiya ne, amma mai karanta taƙaitaccen hukunci bai kamata ya tsaya a kanun labari ba.

Lazarus Ukeje ya rasu a 1981 bai bar wasiyya ba. Matarsa da ɗansa suka karɓi takardar izinin kula da dukiyarsa, sai Gladys Ukeje ta kai ƙara Babbar Kotun Legas tana cewa ita ma 'yarsa ce. Ta yi nasara a can, ta sake yi a Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Tambayar farko ita ce: a kan me aka yi jayayya? Yawancin gardamar a kan nasaba take, wato ko marigayin ne ya haife ta. Takardar haihuwarta mai ɗauke da sunansa ta yi tasiri ƙwarai. Kuma Kotun Ƙoli ba ta cika rushe abin da kotuna biyu na ƙasa suka haɗu a kansa ba, sai in ya saɓa wa shaidun da aka gabatar. Bayan wannan ne Mai Shari'a Rhodes-Vivour ya ce al'adar da ke hana 'ya mace gado ta ci karo da sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya haramta nuna bambanci saboda jinsi ko yanayin haihuwa.

To shin wannan maganar ce ginshiƙin hukuncin, ko tsokaci ne alƙali ya yi a kan hanya? Ginshiƙin ne kaɗai yake ɗaure kotunan ƙasa. Akwai darasi a baya. A 1997, cikin shari'ar Mojekwu, Mai Shari'a Niki Tobi ya soki al'adar oli-ekpe ta Nnewi da kakkausar murya, mutane suka yi murna. A 2004 Kotun Ƙoli ta bar sakamakon yadda yake, amma ta ce sukar ta wuce iyaka, domin masu shari'ar ba su tayar da batun ba. A ganina maganar Ukeje ta fi wancan ƙarfi, tun da ta jingina da nassin Kundin Tsarin Mulki, kuma daga kotu mafi girma ta fito.

Sai a juya al'amarin a gani. Da Gladys ta kasa tabbatar da nasabarta, da ƙarar ta faɗi ba a ko taɓa zancen al'ada ba. Da marigayin ya bar wasiyya ingantacciya, da muhawarar ta koma kan dokar wasiyya. Game da rabon gado na Musulunci kuwa, hukuncin bai ce komai ba, domin ba shi aka kawo gaban kotu ba.